Yadda ake haƙa ƙanat: rafin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba inji ba famfo

In kana da data ka buɗe Google Earth ka je wajajen garin Yazd a tsakiyar Iran, ko yankin Adrar da Timimoun a kudancin Aljeriya, ka ɗan matso da hoton kusa, za ka ga wasu ramuka a jere cikin sahara kamar wanda ya bi da allura yana huda zane, kowane rami da ɗan tudun ƙasa kewaye da shi kamar bakin gidan tururuwa, layi guda tun daga gindin dutse har cikin gari. Ranar da na fara ganinsu na ɗauka ramukan bam ne wallahi. Ashe rijiyoyi ne, kuma ba a jan ruwa a cikinsu, aikinsu daban. A ƙarƙashinsu akwai hanya guda ɗaya da ta haɗe gindinsu duka, ruwa na bi ta cikinta dare da rana har ya fito fili da ƙafarsa. Wannan hanyar ita ake kira ƙanat. Farisawa kan ce kariz, a Oman falaj, a Aljeriya da Libiya fuggara, a Maroko kuma khettara, amma abin ɗaya ne.

Mu da muka taso da guga da jigo da bohol, abin da muka sani shi ne ruwa yana ƙasa, mutum yana sama, dole a jawo shi. Su masu ƙanat sai suka juya lissafin: ba za su ɗago ruwa ba ko taku ɗaya, za su bar shi a inda yake su bi shi da hanya kusan a miƙe, har ƙasar da ke samansa ta gangaro da kanta ta same shi. Duk sirrin aikin kenan, sauran gumi ne da awo.

Ka kwatanta dutse dogo, a gindinsa akwai fili mai gangara zuwa kwari. Shekara da shekaru ambaliya na kwaso tsakuwa da yashi daga kan dutsen tana zubewa a gindinsa, har wajen ya zama kamar soso. Ruwan sama da na dusar ƙanƙara in ta narke sai ya nutse cikin wannan tsakuwar ya kwanta a can ƙasa. Toh shi doron ƙasa yana gangara da sauri, makwancin ruwan ma yana gangara amma a hankali, ita kuma hanyar da za a haƙa ta fi su duka rashin gangara. Saboda haka a can sama hanyar tana cikin ruwa tsundum, bango na tsattsafo mata, a tsakiya ta rabu da makwancin ruwan ta zama magudana kawai, a ƙasa kuma sai ta ɓullo waje. In ka riƙe wannan hoton a ranka, duk matakan da ke tafe za su zo maka da sauƙi.

Maginin shi ake kira muƙanni, sana'a ce ta gado kamar ƙira ko jima a wajenmu, kuma na Yazd su suka fi suna, har wasu garuruwa ake ɗaukarsu aiki. Ga yadda suke bi.

Abu na farko neman ruwa, kuma nan ne ake cin riba ko a tafka asara tun kafin a sari ƙasa. Muƙanni zai hau wajen gindin dutse, musamman bakin kwazazzabon da ambaliya ke fitowa, yana duba inda ciyawa ta ƙi bushewa bayan ta ko'ina ta mutu, da irin itatuwan da saiwarsu ke neman ruwa a nesa, da inda ƙasa ke nuna danshi da sassafe. In ya gamsu sai a haƙa rijiyar gwaji. Faɗinta bai wuce mita ɗaya ba, mutum ɗaya ne a ciki da gajeriyar diga da ɗan shebur, a sama kuma an kafa wani katako mai hannuwa da ake juyawa yana naɗe igiya, suna ce masa carkh, shi ke fito da gugan fata cike da ƙasa. Ana haƙa ana sassaƙa 'yan matakai a jikin bango inda za a riƙa sa ƙafa.

Samun ruwa kaɗai bai isa ba. In an taɓo shi sai a dakata, a yi kwanaki ana kwashewa da guga ana ƙirgawa, ana duba yadda yake dawowa. In an kwashe ya dawo da wuri kuma kullum haka, an dace da jijiya. In kuwa kwana biyu ya ja baya bai dawo ba, ɗan ruwa ne da ya maƙale a kan laka, sai a bar wajen a gwada wani. Mai gaggawa a nan shi ne zai kashe dukiyar gari a kan ramin da zai ƙafe shekara mai zuwa, shi ya sa gara a yi wannan gwajin a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa. Rijiyar da ta ci jarrabawa ita ke zama uwar rijiya, da Farisanci madar cah, ma'anar kenan ma kai tsaye.

Mataki na biyu shi ne awo, kuma ni a nan mutanen suka fi burge ni, don kayan aikinsu igiya ce da sanduna biyu. Za a zura doguwar igiya cikin uwar rijiya har ta kai inda ake so ƙasan hanyar ya kasance, a ƙulla alama a daidai bakin rijiyar. Tsawon igiyar nan shi ne zurfin da ake so gangarar ƙasa ta cinye. Sai a fara saukowa wajen gari. Mutum ɗaya ya riƙe sanda a sama, ɗaya ya riƙe tasa a ƙasa, an ɗaure zare tsakaninsu, a tsakiyar zaren akwai ɗan abin duba daidaito, aikin da lebur ɗin magina ke yi yau. Na ƙasa zai riƙa ɗaga zaren a jikin sandarsa har ya miƙe ɗoɗar, abin da ya ƙaru a sandarsa shi ne abin da ƙasa ta sauka tsakaninsu. Sai a auna wannan a jikin doguwar igiyar a ƙulla. A matsa gaba a sake, a sake, a sake, har igiyar ta ƙare. Inda ta ƙare, nan doron ƙasa ya yi daidai da inda ƙasan hanyar zai kasance a uwar rijiya. Sai a ɗan ƙara gangarawa kaɗan saboda ruwan ya samu abin da zai tura shi, a kafa alama, nan ne bakin ƙanat, wanda suke kira mazhar. Wani malami mai suna Al-Karaji ya rubuta littafi guda a kan wannan sana'a wajen shekara dubu da suka wuce, har da bayanin kayan awon da yadda ake amfani da su.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi, lambobin nawa ne na zaɓa don su fito da abin fili. A ce an samu ruwa a mita 54, aka ƙara nutsawa mita 3 cikinsa, ƙasan hanya zai kasance a mita 57 kenan. A ce filin yana sauka mita 20 a duk kilomita ɗaya. Ita hanyar ana ba ta gangara kamar mita 1 a duk mita 1,000, wasu ma 1 a 1,500. Kaga a duk kilomita ɗaya, ƙasa ta sauka 20, hanya ta sauka 1, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu da mita 19. Raba 57 da 19, ya ba ka 3. Wato bayan kilomita 3 ruwa zai fito fili. In aka jera rijiyoyi duk bayan mita 30 za a samu guda 100, kuma kowace za ta gaza wadda ke samanta da santimita 57. Ƙulle-ƙullen jikin igiyar nan su ne ke gaya wa mai haƙa inda zai tsaya a kowace rijiya, ba takarda ba biro.

Yanzu duba abin da zai faru in filin ya fi kwanciya, a ce mita 5 kacal yake sauka a kilomita. Ribar ta koma mita 4, sai ka yi sama da kilomita 14 kafin ruwa ya fito. Shi ya sa ake samun ƙanat masu tsawon gaske a inda fili ya kwanta, kamar ta Zarch da ke bi ta cikin Yazd, wadda ta haura kilomita 70 da rijiyoyi sama da 2,000. In kuma fili ba ya gangara sam, ba ƙanat, ko ruwan na nan a mita goma.

Me ya sa ba za a ƙara wa hanyar gangara ruwa ya yi gudu ba? Saboda bangon ƙasa ne ba siminti ba. Ruwa mai gudu yana cin ƙasan hanyar, ya rarake gindin bango, rufi ya rufto. In kuma gangarar ta yi kaɗan ainun ruwa ya kwanta, laka ta taru ta toshe. Tsakanin waɗannan biyun ake tafiya, mita ɗaya a dubu, wato a tsawon filin ƙwallo guda abin da aka sauka bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma a cikin duhu ake riƙe wannan awon. Inda dole sai an sauka da yawa, sukan yi wa ruwan mafaɗa a waje guda su ƙarfafa wajen da dutse, wani lokaci ma a kafa dutsen niƙa a nan ƙarƙashin ƙasa ruwan ya riƙa juya shi yana niƙa alkama.

Mataki na uku haƙa hanyar kanta, kuma daga ƙasa ake farawa a nufi sama, daga bakin fita zuwa uwar rijiya. Dalilin a fili yake: in ka fara daga inda ruwa yake, ruwan zai biyo ka ya cika ramin kana ciki. In ka faro daga busasshen gefe kuwa, ranar da ka fara taɓa danshi duk abin da ya tsattsafo zai bi ta tsakanin ƙafafunka ya gangara baya ya fice.

Girman hanyar daidai mutum a durƙushe, faɗi kamar santimita 60, tsayi mita ɗaya da 'yan kai. Ba a faɗaɗa ta don duk abin da ka ƙara ƙasa ce da za a ɗaga sama, kuma ƙaramin rami ya fi jure nauyi. Ƙungiya ɗaya mutum uku zuwa biyar ne: maigida a gaba yana sara, na bayansa, sau da yawa yaro ne ɗan koyo saboda ƙanƙantar jiki, yana cika guga yana ja zuwa gindin rijiya, na sama kuma suna juya carkh suna zubarwa. Wata ƙungiyar tana gaba tana nutsa rijiya ta gaba kafin masu hanya su iso. A misalinmu, hanya mai faɗin 0.6 da tsayin 1.2 a tsawon mita 3,000 ƙasa ce sama da kubik mita 2,000, wato tifa ɗaruruwa, duk a gugan fata. Rijiyoyin nan ɗari kuma in ka haɗa zurfinsu sun kusa mita 2,900, kusan tsawon hanyar kanta. In ƙungiya ɗaya tana cin mita biyu a yini, hanyar kaɗai kwana 1,500 ce, shekara huɗu da ɗoriya. Manya kuwa sukan ci shekaru gommai, wanda ya fara ba lallai shi zai ga ruwan ba.

Ga tambayar da ta fi damuna da farko: mutum yana mita 40 a ƙarƙashin ƙasa, ba kamfas ba komai, ta yaya zai san ya nufi rijiya ta gaba da ke mita 30 a gabansa, mai faɗin da bai kai mita ɗaya ba? Dabararsu ita ce a gicciya sanda a bakin rijiyar da yake ciki, a saita ta tana kallon rijiya ta gaba, a sako igiya biyu daga jikinta kowace da dutse a ƙarshe. Igiyoyin nan biyu sun sauko da layin da ke sama zuwa ƙasa kenan. Sai a ajiye fitila biyu a kan layin, irin aci-bal-bal ɗinmu mai lagwani da mai. Muƙanni yana sara yana waiwaye, in ya ga wutar biyu sun haɗe sun zama ɗaya, yana kan hanya, in ya ga sun rabu biyu ya karkace, sai ya gyara. In an kusa haɗuwa kuma kunne ke aiki, na cikin rijiya ta gaba yana bugun bango, wannan yana bin sautin. Duk da haka ana kuskure, shi ya sa a tsofaffin ƙanat ake ganin 'yar kwana kusa da gindin rijiya inda aka lanƙwasa don a haɗu.

Fitilar nan tana da aiki na biyu wanda ya fi na farko. Ina yaro an yi ginar rijiya a bayan gidanmu, na ga mai ginar kullum da safe kafin ya sauka sai ya ɗaura fitila a igiya ya zura, ya leƙa yana kallo shiru. Wata rana wutar ta yi ja ta ƙanƙance tun ba ta kai ƙasa ba, ya ce yau ba mai shiga, aka yi ta zura ganye a igiya ana ja sama da ƙasa har iska ta sauya. Abin da muƙanni ke yi kenan. In harshen wuta ya dushe ko ya mutu ba iska, fita ake yi nan take, don mugunyar iska ba ta da wari, mutum sai dai ya ji kasala ya zauna shi kenan. Wannan na daga cikin dalilan jera rijiyoyi kusa da kusa, iska na shiga ta wata tana fita ta wata, ga kuma rage nisan jan guga. Inda iskar ta yi muni sosai sukan haƙa rijiya biyu gefe da gefe su huda tsakaninsu don ta riƙa zagayawa.

Sai matsalar ƙasa mai rugujewa. In an shiga yashi ko ƙasa mai laushi, ba a ci gaba haka nan. Akwai zobba na gasasshen yumɓu masu siffar ƙwai, kaval sunansu, ana sauko da su ɗaya bayan ɗaya ana jerawa a cikin hanyar, a sara kaɗan a sa zobe, a sara kaɗan a sa zobe, a cusa tsakuwa a bayansu. Siffar ƙwan ba ado ba ce, tana bari a shigo da zoben a karkace ta cikin wanda aka riga aka kafa, kuma tana ɗaukar nauyin sama. Alamar hatsari da suke kula da ita: ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan daga rufi ba wanda ya taɓa ta, ko sautin diga ya sauya ya koma kamar ana bugun ganga. An san muƙannai da sa fararen kaya in za su sauka, fari ya fi ganuwa a duhu, kuma su da kansu suna cewa in ƙasa ta rufe mutum to ga likkafaninsa a jikinsa. Ni dai wannan maganar ba ta barina, mutum ya yi sallama da iyalinsa da asuba a haka don gari ya sha ruwa.

Ƙasar da aka fito da ita ba a kai ta nesa, ana zuba ta ne a zagaye bakin rijiyar, su ne tudun da kake gani a hoto. Aiki take yi: ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a kan dutse, ambaliya in ta samu bakin rijiya a buɗe za ta zuba ciki da laka da duwatsu ta cike hanyar cikin awa guda. Wannan ganuwar ke kare ta. Da yawa kuma ana rufe bakin da faffaɗan dutse.

Mataki na huɗu shi ne shiga cikin ruwa, mafi hatsari a duk aikin. Tun kafin a isa uwar rijiya bango zai fara gumi, sannan ɗigo, sannan muƙanni yana aiki ruwa na zubo masa a ka yana gudu a gwiwarsa, ga sanyi. A misalinmu, in makwancin ruwan yana sauka mita 10 a kilomita, wajen mita 330 na ƙarshe ne kawai ke cikin ruwa, su ne ke ciyar da ƙanat ɗin gaba ɗaya, sauran kilomita biyu da rabi da ɗoriya ɗauko ruwa kawai suke. A nan ruwan kansa ya zama lebur: inda ya taru ya yi zurfi an sara ƙasa da yawa, inda ya yi siriri yana sauri akwai tudu. A wannan yankin nutsa rijiya daga sama yana wuya don ruwa na cika ta, saboda haka wani lokaci daga cikin hanyar ake haƙowa sama, ƙasa da ruwa na faɗowa kan mai haƙa, ya kare kansa da ɗan allon katako.

Sai ranar fasawa. Uwar rijiya tana tsaye da ruwa mita uku ko fiye a cikinta, kai kuma kana zuwa mata ta gindi. In ka fasa bangon da diga gaba ɗaya, ruwan zai fito da ƙarfin da zai make ka da bango a ramin da ba wajen gudu. Don haka ko dai a kwashe rijiyar da guga tukuna ba tsayawa, ko a huda ƙaramar kafa da ƙarfe a bari ya tsiyaye a hankali har ya sauka, sannan a faɗaɗa. Daga ranar ruwa ya kama hanya kenan. Ƙanat ɗin Ƙasabe da ke Gonabad a gabashin Iran, uwar rijiyarta ta kai wajen mita 300, tsawonta ya haura kilomita 30, ana ƙiyasta shekarunta wajen 2,500, kuma har yau tana zubo da ruwa. Tana cikin guda 11 na Iran da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2016.

Wa ke biyan wannan wahala? Masanin tarihin Girka Polybius ya rubuta cewa sarakunan Farisa na da sun ba duk wanda ya kawo ruwa busasshiyar ƙasa damar cin amfaninta har zuriya biyar. Daga baya attajirai ko jama'ar gari ke haɗa kuɗi, kowa ya samu rabo gwargwadon abin da ya zuba. A Iran rabon da lokaci ake yi: ƙaramar tasa mai huda a gindi a ɗora ta kan ruwa a cikin babban kwano, in ta cika ta nutse an ci awo ɗaya, mai kula ya ajiye tsakuwa guda, in adadin tasoshinka ya cika a toshe naka a buɗe wa na gaba. A Tuwat ta Aljeriya kuwa da yawan ruwa ake rabawa, a bakin fuggara akwai dutse mai haƙora kamar matajin kai, kasriya, kowace kafa na kai ruwa lambun wani. Tuwat ɗin nan dai ita ce wadda Shehu Magili ya zauna kafin ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma ayarin da ke zirga-zirga tsakaninta da ƙasar Hausa ruwan fuggara suka sha. Akwai ɗaci a labarin, don yawancin wahalar haƙa da yasar fuggarun sahara bayi aka ɗora wa, da yawansu daga ƙasashen baƙar fata na kudu aka kai su.

Mataki na ƙarshe ba ya ƙarewa, shi ne yasa da gyara. Duk shekara ko biyu ana sauka a kwashe laka, a sassare gishirin da ya daskare a bangon da ke tsattsafo da ruwa don yana toshe ƙofofin, a sauya zoben da ya fashe. Mai kula yana karanta lafiyar ƙanat daga bakinta. In ruwa ya fito da launin ƙasa alhali ba a yi ruwan sama ba, wani waje ya zube. In ya ragu farat ɗaya cikin kwana guda, toshewa ce, sai a bi rijiyoyi ana zura igiya, wadda aka samu ruwa ya taru ya hau a cikinta, matsalar tana tsakaninta da ta ƙasanta. Buɗe irin wannan toshewar ma hatsari ne iri ɗaya da fasa uwar rijiya, don ruwa ne a tare a baya. Girgizar ƙasar Bam ta Disambar 2003 haka ta rugurguza ƙanat da yawa da gonakin dabinon garin suka dogara da su. In kuwa ruwan yana raguwa a hankali shekara bayan shekara, makwancin ne ke sauka, maganinsa a ƙara tura hanyar gaba cikin dutse a bi ruwan, a nutsa sabuwar uwar rijiya, shi ya sa tsohuwar ƙanat kullum ƙara tsawo take.

Tana da aibinta. Ba a kashe ta, da sanyi lokacin da gona ba ta buƙata ruwan na ta zuba sai dai a tara a tafki ko a rumbun ruwa na ƙasa, kuma wani kaso na tsiyayewa a busasshen ɓangaren hanya in ba a dalaye ƙasan da laka ba. Amma ba ta iya ɗibar abin da ya wuce saman makwancin ruwa, abin da damina ta zuba shi take bayarwa, a shekarar fari ta rage da kanta. A yawancin ƙasar Hausa ba za ta yi ba, filinmu a kwance yake, kuma a wajajen Kano ruwan ƙasa a aljihu-aljihu yake cikin ruɓaɓɓen dutse, ba shimfiɗar tsakuwa mai gangara daga gindin tsauni ba.

Koma kan lambobin misalinmu ka ga abin da ke kashe ta. Mita 3 kacal hanyar ta nutsa cikin ruwa. Shari'ar da ta san da haka, shi ya sa kowace ƙanat ke da haraminta, tazarar da ba a yarda wani ya haƙa rijiya a ciki ba. Daga wajajen shekarun 1960 aka cika filayen Iran da rijiyoyin burtsatse masu inji, su kuma suna zuƙo daga mita ɗari ko fiye. Bohol ɗaya a kusa da uwar rijiya in ya saukar da makwancin ruwa da mita 4, hanyar ta koma saman ruwa gaba ɗayanta, bango ya daina gumi, rijiyoyi ɗari da kilomita ukun suna nan lafiya ƙalau ba inda ya rushe, amma a mazhar ko ɗigo babu. Kuma in ta bushe aka daina sauka yasa, bangon da ya saba da danshi sai ya tsattsage ya fara zubewa, cikin 'yan shekaru ko ruwan ya dawo sai an sake bin hanyar da diga tun daga baki.